Yadda Ake Sanar da Wanda Ya Kai Ganawar Ƙarshe Cewa Bai Samu Aikin Ba

Duk ma'aikatar da ta tallata gurbin aiki guda, mutum ɗaya za ta ɗauka. Masu nema na iya kaiwa ɗaruruwa, a tace su, a sake tacewa, har a ƙare da mutum biyu ko uku a ganawar ƙarshe. Wanda aka zaɓa ba ya rasa mai kiransa, domin kowa na son ya zama shi ne mai kai albishir. Sauran biyun su ne ake mantawa da su. A yawancin tallace-tallacen aiki a Najeriya akan rubuta a ƙasa cewa waɗanda suka tsallake tantancewa kaɗai za a tuntuɓa, kuma wannan ba laifi ba ne ga mutumin da takardunsa kawai ya tura. Amma wanda ya zo ya zauna gaban kwamiti sau biyu ko uku, ya rubuta jarrabawa, ya nemi izinin fashin aiki a inda yake, wataƙila ya biya kuɗin mota daga Gusau ko Azare zuwa Kano ya kwana a gidan ɗan'uwa, wannan ya wuce a sallame shi da shiru. Yana da haƙƙin a ba shi amsa a rubuce, daga hannun mutumin da ya san fuskarsa.

Abin da ke hana mu rubuta wannan wasiƙa, a nawa ganin, ba mugunta ba ce. Kunya ce da kara. Bahaushe ba ya son ya dubi mutum ya ce masa a'a, shi ya sa ake rabuwa da mai neman aiki da kalmar "za mu neme ka", a bar lokaci ya faɗa masa abin da baki ya kasa faɗa. Sai dai wannan karar mai ɗaukar aikin kaɗai take hutarwa. Shi mai nema yana nan yana duba wayarsa safe da yamma, iyalinsa na tambayarsa ko an ji wani abu, kuma yana iya jinkirta amsa wa wata ma'aikatar da ta yi masa tayi don yana jiran wannan. Mako uku na irin wannan zaman ya fi kalmar a'a ciwo nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wani kamfanin gyaran shinkafa ne a Kano yake neman babban akanta. Mutum uku suka kai matakin ƙarshe. Daga cikinsu akwai wata mata, mu kira ta Malama Wance, wadda ta yi shekaru tana riƙe da lissafin kuɗi a wata ƙungiyar agaji. Kwamitin ganawa ya auna su a kan abu huɗu: haɗa rahoton kuɗi na wata-wata, sanin haraji, iya jagorantar ƙananan ma'aikata, da lissafin abin da ake kashewa wajen sarrafa kaya. A ukun farko Malama Wance ba ta da na biyu, musamman wajen daidaita littafin kamfani da takardar banki. A na huɗun aka samu giɓi. An ba su aikin gwaji, aka ce su fitar da nawa buhun shinkafa mai kilo 50 ya tsaya wa kamfani tun daga sayen shanshera. Idan aka casa kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 ɓuntu ne, kusan 10 dusa ce, abin da ya saura kuma akwai karyayyar shinkafa a cikinsa. Ta lissafa wannan raguwar nauyin daidai. Abin da ta bari shi ne dusa da karyayyar shinkafa sayar da su ake yi, kuma kuɗinsu na rage abin da buhu ya tsaya. Sai farashinta ya fito sama da na gaskiya. Wanda aka zaɓa ya daɗe yana wannan lissafin a masana'anta, bai tsallake shi ba.

Na kawo wannan dalla-dalla ne domin a nan wasiƙa mai amfani take farawa, tun kafin a buɗe imel. In da 'yan kwamitin ba su rubuta makin kowane mutum da dalilinsa a lokacin ganawar ba, da ranar rubuta wasiƙa babu abin da zai rage a kansu sai "dai wancan ya fi kwanta mana a rai". Daga irin wannan tunanin ba a fitar da bayanin da zai taimaki kowa. Saboda haka duk manajan da ya zauna rubuta irin wannan saƙo ya ga ba shi da abin faɗa, ya san cewa matsalar tana ɗakin ganawa, kuma can ya kamata ya gyara kafin ɗaukar ma'aikaci na gaba.

Lokacin aikawa

Akwai tarko a nan da ke kama masu kyakkyawar niyya. Kwamiti ya yanke hukunci ranar Talata, manaja yana son ya sauke nauyi, sai ya tura wa Malama Wance saƙon haƙuri a daren. Ranar Alhamis wanda aka zaɓa ya ce albashin bai yi masa ba, ko inda yake aiki sun ƙara masa kuɗi ya fasa zuwa. Yanzu sai an koma wa matar da aka riga aka sallama, kuma ta san ita ce zaɓi na biyu. Don haka ƙa'idar ita ce kada a sallami na biyu sai na farko ya sa hannu a takardar karɓar aiki. Alkawarin baki a waya bai isa ba.

Wannan jiran kuma bai halatta shiru ba. Idan an faɗa wa masu ganawa cewa za su ji sakamako ranar Juma'a, Juma'ar ta zo ba a kammala ba, a tura layi biyu: ba mu kai ga yanke hukunci ba tukuna, za ki ji daga gare mu zuwa ranar Laraba mai zuwa. A ambaci rana, a kuma cika ta. Da zarar na farko ya sa hannu, wasiƙar sauran ta fita a ranar ko washegari. Dalilin gaggawar a fili yake ga duk wanda ya san garuruwanmu: labari ba ya kwana. Wanda aka ɗauka zai faɗa a gida, abokansa za su taya shi murna a Facebook ko WhatsApp, kuma babu abin da ya kai zafin mutum ya ji a bakin wani cewa aikin da yake jira an riga an bayar.

Wasu masu ɗaukar ma'aikata sun fi son su kira waya tukuna, suna ganin ya fi mutunci. Akwai gaskiya a ciki, amma ni na fi karkata ga imel ya riga waya. Idan mai neman aiki ya ga lambar kamfani tana kiransa, zuciyarsa na ba shi cewa albishir ne. Ga kuma gaisuwarmu mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi gajiyar ranar, duk yana murmushi yana jira, sannan a sako masa maganar, kuma dole ya daure ya yi godiya a take alhali wataƙila yana cikin kasuwa ko a tsakiyar abokan aikinsa. Rubutu na ba shi damar ya karanta shi kaɗai, ya haɗiye abin, ya nemi magana in ya shirya. Inda wannan bai dace ba shi ne idan mai neman ma'aikacin gidan ne da ke neman ƙarin girma. Shi kam a zaunar da shi a faɗa masa baki da baki, rubutu ya biyo baya.

Wasiƙar da ba ta yi ba, da wadda ta yi

Ga irin saƙon da aka saba gani, ko da Turanci aka rubuta shi a Najeriya ko da Faransanci a Nijar, ginin ɗaya ne:

"Zuwa ga mai neman aiki. Muna godiya matuƙa da sha'awar da ka nuna ga kamfaninmu mai albarka. Mun samu masu nema da yawa masu ƙwarewa, kuma zaɓin ya yi mana wuya ƙwarai. Ka burge mu ta kowace fuska. A halin yanzu muna ci gaba da duba al'amura, kuma za mu ajiye takardunka don duk wata dama da za ta taso nan gaba."

A karanta shi da idon Malama Wance. Ba sunanta a ciki, har ma da lafazin namiji aka yi mata magana, alamar cewa saƙo ɗaya aka watsa wa kowa. Ta kai ƙarshensa ba ta ga inda aka ce ba a ɗauke ta ba. "A halin yanzu" da "muna ci gaba da duba al'amura" sun bar ƙofa a buɗe, alhali an riga an rufe ta. An ce ta burge ta kowace fuska, to me ya hana a ɗauke ta? Mutumin da aka yaba masa a kan komai sannan aka hana shi, amsa ɗaya ce za ta zo masa: an ba ɗan wani. Yabon da aka zuba don a sanyaya mata rai shi ne zai sa ta zargi kamfanin da son kai.

Ga wadda ya kamata ta samu. A layin take a rubuta: "Sakamakon ganawa: gurbin babban akanta". Sannan:

"Assalamu alaikum Malama Wance, da fatan kina lafiya.

Ina rubuto miki ne kan gurbin babban akanta da kika yi ganawarsa ta ƙarshe da mu ranar Talata. Mun yanke hukunci, kuma ba ke muka ɗauka ba. Mun ba wani daga cikin ku ukun da kuka kai wannan mataki, ya kuma karɓa.

Na san kin ba wannan nema lokacinki, har kin yi tafiya sau biyu zuwa Kano, don haka ya kamata ki san dalili. A ɓangaren rahoton kuɗi na wata da daidaita littafi da takardar banki, ke ce kan gaba a makin kwamiti. Abin da ya raba shi ne lissafin kuɗin sarrafa kaya. A aikin gwajin kin fitar da raguwar nauyin shanshera daidai, amma ba ki cire kuɗin da ake samu daga dusa da karyayyar shinkafa ba, sai farashin buhu ya hau. Wannan lissafin shi ne rabin aikin wannan kujera, kuma muna bukatar wanda zai kama shi daga makon farko. Idan kina da niyyar komawa aikin masana'antu, nan ne wurin da ƙarin gogewa zai fi yi miki amfani.

Idan kina son mu yi magana, ina da minti goma sha biyar ranar Litinin ko Laraba da safe, ki zaɓi ɗaya ki amsa wannan saƙon. Kuɗin motarki na zuwa ganawa za a tura miki kafin ƙarshen mako. Muna kuma son mu riƙe takardunki tsawon wata shida ko da gurbi zai buɗe a ofishin kuɗi. In kin amince ki sanar da ni, in ba haka ba za mu goge su.

Na gode da zuwanki. Allah Ya haɗa ki da mafi alheri."

Sai sunan mai rubutun da muƙaminsa da lambar ofis. Wasiƙar duka ba ta kai kalma ɗari uku ba, kuma bai kamata ta wuce haka ba.

Abu na farko da za a lura da shi shi ne wurin da aka ajiye hukuncin. Bayan gaisuwar layi ɗaya, jimla ta biyu ce ta faɗi shi, da kalmomin da ba su da fassara biyu. Mai karanta irin wannan saƙo ba ya karantawa a natse, idonsa na tsalle ne yana neman eh ko a'a, kuma duk abin da aka rubuta kafin ya samu amsar bai shiga kansa ba. In aka jera godiya da yabo sakin layi biyu kafin a faɗa, an ɗaga masa rai ne kawai kafin a sake shi. Ƙarin da aka yi cewa wanda aka ba ya karɓa yana da nasa aikin: yana rufe zancen kamun ƙafa. A wurinmu, saƙo mai harshen damo gayyata ce ga mai nema ya tafi wurin kawunsa da ya san mai kamfani, ko ya sa wani dattijo ya yi waya. Daga nan manaja ya shiga bayanin da ya guje wa tun farko, ga kuma nauyin idon babba a kansa.

Dalili guda, na gaskiya

Ɓangaren dalili shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi daraja. Akwai binciken da ya taɓo wannan kai tsaye. A shekarar 2001 Stephen Gilliland na Jami'ar Arizona da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi kan wasiƙun ƙin ɗauka a mujallar Personnel Psychology. Sun gano cewa wasiƙar da ta yi bayani, ko kan ƙwarewar wanda aka ɗauka ko kan wani yanayi da ya fi ƙarfin ma'aikatar kamar dakatar da ɗaukar ma'aikata, tana sa mai nema ya ga an fi yi masa adalci, ya kuma fi yarda ya yaba ma'aikatar a gaban wasu. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, wanda aka yi da masu neman aiki na gaske, waɗanda aka bayyana musu yanayin da ya tilasta hukuncin sun sake neman aiki a wurin fiye da ninki biyu na waɗanda suka samu wasiƙar da aka saba.

Amma bayani iri-iri ne. Mai amfani yana da alamomi da za a iya dubawa. Yana magana a kan abin da mutum ya yi ko ya faɗa a ganawar, wanda shi ma zai tuna. Yana da alaƙa da abin da aka rubuta a tallan aikin. Kuma abu ne da mutum zai iya gyarawa. "Ba ki cire kuɗin dusa ba" ya cika ukun: ta tuna takardar gwajin, lissafin kuɗin sarrafa kaya yana cikin sharuɗɗan aikin, kuma za ta iya zama da wani akantan masana'anta ta koya cikin 'yan watanni. A kwatanta da "ba ki da ƙarfin gwiwa", ko "ba ki dace da yanayin gidanmu ba". Waɗannan hukunci ne a kan halin mutum, ba ta san me za ta yi da su ba, kuma na biyun kowa na iya fassara shi yadda ya ga dama: yarenta ne, shigarta ce, ko addininta? Idan abin da kwamiti ya gani shi ne an tambaye ta yadda ta taɓa warware saɓani tsakanin ma'aikata ta kasa kawo misali, to wannan za a rubuta, yadda ya faru.

Dalili ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Wanda ya jera wa mutum kurakurai shida yana ganin ya yi gaskiya, amma mai karɓa ba zai iya bambance wanda ya hana shi aikin da wanda aka ƙara don cika layi ba. A zaɓi wanda ya yanke hukuncin. Yabon ma haka yake, a tsaya a kan abu ɗaya da takardar maki ta tabbatar. Malama Wance za ta yarda cewa ta fi kowa a daidaita littafi da banki domin an faɗa mata a wuri ɗaya da inda ta gaza, kuma wannan sanin zai yi mata amfani a ganawarta ta gaba, za ta san abin da za ta sa a gaba.

Wanda aka ɗauka kuma ba a ambatar sunansa, ba a faɗin inda ya fito ko makinsa. Ana iya cewa ya fi daɗewa a aikin masana'anta, a tsaya nan.

To idan dalilin ba mai daɗin faɗa ba ne fa? Wani lokaci kuɗin gurbin ne aka janye, ko shugabanni suka fasa ɗaukar kowa. Wannan a faɗe shi kai tsaye, domin yana ɗauke wa mutum zargin kansa. Wani lokacin kuma kowa a ofis ya san cewa daga sama aka turo sunan wanda za a ba, ganawar ta zama cika sharaɗi. Ma'aikacin da aka ɗora wa rubuta wasiƙa ba lallai ne yana da ikon bayyana wannan ba, amma akwai abin da yake da iko a kai: kada ya ƙirƙiro wa mai nema aibin da ba shi da shi don ya rufe ɓarnar. Ya rubuta cewa an ba wani, ya faɗi abin da mutumin ya yi da kyau in gaskiya ne, ya bar ɓangaren gyara. Mutum ya tafi yana gyaran abin da bai lalace ba zalunci ne na biyu a kan na farko.

Akwai kuma dalilan da in sun bayyana a wasiƙa, matsalar ba ta rubutu ba ce, ta hukuncin ce. "Mun ga kina da ƙananan yara", "aikin ya fi dacewa da namiji", "muna son ɗan jihar nan", ko wata magana kan juna biyu, nakasa ko rashin lafiya. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, wurin asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Akwai dokar 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da dokar 2018 ta kare masu nakasa wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙararrakin da suka shafi aiki. Tsoron irin wannan shari'a ne ke sa lauyoyin wasu kamfanoni su ce kada a ba kowa dalili ko kaɗan. Na fahimci tsoron, amma maganinsa shi ne a yanke hukunci a kan sharuɗɗan aikin, a rubuta su, sannan wasiƙa ta ɗauko daga abin da aka rubuta. Bayanin da ya tsaya kan takardar gwaji kariya ce ga ma'aikata. Wanda aka bari cikin duhu shi ne ya fi saurin zargin an zalunce shi.

Alkawari da takardu

Jimlar nan ta "za mu ajiye takardunka" ta zama al'ada har ba mai yarda da ita. A wasiƙar Malama Wance an sa mata wa'adi, an nemi izininta, saboda dalili biyu. Na farko, alkawarin da ke da wata shida da sunan ofis a jikinsa ana iya cika shi, ana kuma iya gane in an saɓa. Na biyu doka ce. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a watan Yunin 2023 ta ce kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da bukatar da aka karɓe su dominta take buƙata, ta kuma ba mutum damar neman kwafin bayanan da wata ma'aikata ke riƙe da su a kansa. Takardun mai neman aiki na ɗauke da ranar haihuwarsa, adireshinsa, wani lokaci har lambar shaidar ɗan ƙasa. Wannan ma wani dalili ne da zai sa 'yan kwamiti su kula da abin da suke rubutawa a gefen takardar maki, su rubuta abin da ba za su ji kunya ba in mai shi ya gani. Idan kuma kamfani ya san ba zai sake neman mutumin ba, ya cire jimlar gaba ɗaya. Wasiƙa ba ta rasa ladabi don babu ita.

Haka tayin magana ta waya. In an rubuta Litinin ko Laraba, to a ɗauki wayar ranar. A shiga kiran da takardar maki a hannu, a saurara fiye da yadda ake magana, a kuma san cewa ba zaman sake shari'a ba ne. Idan ta ce ai ta san zancen dusa, mantuwa ce ta lokacin jarrabawa, amsar ita ce mai yiwuwa haka ne, amma da abin da ke kan takarda aka auna kowa. Ba a cewa "ni dai ke na so, sauran ne suka ƙi". Mai faɗin haka yana wanke kansa ne, ya bar ta da ƙullin mutanen da ba su nan balle su kare kansu.

Sauran kurakuran na hannu ne, kuma minti ɗaya na dubawa ke hana su. A tura wa kowa saƙonsa daban. Wanda ya haɗa mutum biyu a layin Cc ya tona wa kowannensu asirin ɗayan, alhali wataƙila shugabanninsu ba su san suna neman wani aikin ba. Bcc na ɓoye adireshi, amma saƙon da zai dace da mutum biyu a lokaci guda ba shi da dalilin kowa a ciki. A duba suna da lafazin mace ko namiji, musamman in an kwafo daga wasiƙar wani, domin a Hausa kuskuren "ka" da "ki" ba ya ɓuya. Saƙon ya fito daga adireshin mutumin da ya jagoranci ganawar, wanda in an amsa zai gani, ba daga irin adireshin nan da ke farawa da noreply ba. Idan an karɓi takardun shaidar karatu na asali, a faɗi ranar da za a mayar.

Ana gane ko wasiƙa ta yi aikinta daga amsar da ta dawo. Idan mai nema ya rubuto yana tambaya ko har yanzu akwai sauran dama, hukuncin bai fito fili ba, a koma a duba jimla ta biyu. Idan ya rubuto yana tambayar me ya yi ba daidai ba, dalilin ya yi laushi har ya rasa ma'ana. Idan ya dawo da zafi yana musanta maganar, a duba ko an yi hukunci a kan halinsa maimakon aikinsa, ko da yake wani zafin na rashin samu ne kawai, kuma amsa ɗaya mai ladabi ta ishe shi. Da yawa ba za su amsa ba sam, wannan haƙƙinsu ne, kada a bi su da saƙo na biyu ana neman su ce sun yafe. A misalinmu, in Malama Wance ta amince a riƙe takardunta, sai manajan ya rubuta ranar cikar wata shidan a kalandarsa tare da sunanta. In gurbi ya buɗe kafin ranar, ita ce farkon wadda zai kira. In bai buɗe ba, ya goge takardun kamar yadda ya faɗa mata.